In kuɗina suka maƙale, wa zan kama? Tambayar da masu tallar manhajar kuɗi suke tsallakewa a Sakkwato

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko ya ratsa Tsohuwar Kasuwa a Sakkwato zai ga laima-laimar masu POS kala-kala, kore da shuɗi da ruwan hoda mai duhu, kowace da sunan kamfaninta. A rediyo ma haka, tsakanin labarai da gaisuwa sai an cusa tallar wata manhajar tura kuɗi. Kalmominsu ba sa wuce uku zuwa huɗu: sauri, sauƙi, tsaro, kyauta. Amma har yau akwai dattijon da zai sayar da raguna a Kasuwar Kara ya ce shi sai an ƙirga masa a hannu, akwai uwar gida a Mabera da ɗanta zai turo mata kuɗin cefane daga Legas ta asusun maƙwabci saboda ta ƙi a buɗe mata nata. Masu talla suna cewa rashin wayewa ne, a ƙara yawan tallar kawai. Ni ban yarda ba. Ra'ayina shi ne tallar ce ba ta amsa tambayar da mutanen nan suke yi, kuma tallar da za ta ci nasara a kansu ita ce wadda za ta fara da faɗin abin da zai iya lalacewa, da wanda za a kama idan ya lalace, da ranar da kuɗi za su dawo. Wanda bai shirya rubuta wannan ba, gara ya adana kuɗin da zai biya gidan rediyo.

A fara da gaskiyar da ake kauce wa. Mutumin da yake gudun kuɗin waya ba daga sama ya tsinci tsoronsa ba. A Disambar 2016 MMM ta rufe asusun mutane da kuɗinsu a ciki, kuma ta waya da intanet aka shiga. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita irin wannan. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, kowa ya ga cewa sabis abu ne da ake iya kashewa da umarni guda. Sai kuma babbar, wato canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktobar 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka tura mutane su zuba tsofaffin kuɗinsu a banki, da aka shiga Fabrairun 2023 kuma sai kuɗin suka ƙi fitowa. Mutum da dukiyarsa ya kwana a layin banki, ya sayi naira da naira a hannun mai POS, ya yi taransifa ta tafi ba ta isa ba, mai kaya ya riƙe kayansa. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 kafin tsofaffin takardun 500 da 1000 suka dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To wa zai zarge shi? Ka zo wa wannan mutum da waƙa da kiɗa kana cewa "tsaro ɗari bisa ɗari", me kake tsammanin zai ji in ba muryar wanda ya taɓa cutarsa ba?

Za a ce ai wannan wahalar ce ta sa OPay da PalmPay da Moniepoint suka cika gari, saboda a lokacin da manhajojin bankuna suke sarƙewa nasu suna tafiya. Haka ne, kuma wannan shi ne darasin da masu talla suka ƙi ɗauka. Abin da ya ja mutane a lokacin shi ne mai shayi ya ga kuɗi sun shigo wayar maƙwabcinsa nan take. Gani ya kori ji. Waɗanda suka shiga a lokacin sun riga sun shiga. Waɗanda suka rage su ne masu taurin, kuma suna da yawa. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a Najeriya ba sa mu'amala da kowace irin hanyar hada-hadar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Kusan rabin balagaggu ke nan. Waɗannan ba za su zo da taken da ya kawo ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ba.

In ana son ganin yadda take mai daɗi yake mutuwa a banza, a dubi eNaira. An ƙaddamar da ita a Oktobar 2021 da duk ƙarfin gwamnati, da alkawarin cewa naira ce dai amma mai ƙarin damarmaki. Wace dama? Ga wa? Ba a faɗa ba. Wani rahoton Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya gano cewa kusan kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. A ɗaya gefen kuma ga M-Pesa ta Kenya, wadda Safaricom ya fito da ita a 2007 da saƙo guda ɗaya tak: aika kuɗi gida. Aiki ɗaya, wanda kowane ɗan ci-rani ya san wahalarsa. Sakkwato ƙasar 'yan ci-rani ce, matasanmu suna Legas da Ibadan da Fatakwal suna kabu-kabu da gadi da sayar da albasa, kuma kuɗinsu ya saba zuwa gida ta hannun direba ko ɗan gari mai dawowa. Tallar da ta ce wa tsohuwa "ga yadda kuɗin ɗanki za su iso miki yau ba sai motar Laraba ba" ta kama wani abu da ke ranta. Wadda ta lissafa mata abubuwa goma sha biyu da manhaja take yi ba ta kama komai ba.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe, domin a nan ne ake gane inda talla take yin ɓarna ba tare da ta yi ƙarya ƙuru-ƙuru ba.

A ce ga wani dillalin albasa da yake sauko da kaya daga Goronyo ko Wurno. Ya ji a rediyo ana cewa "buɗe asusu cikin minti biyu da lambar wayarka, kyauta". Yaron shagonsa ya buɗe masa. Abin da tallar ba ta faɗa ba shi ne asusun da ake buɗewa cikin minti biyu na matakin farko ne a tsarin matakai uku na Babban Banki, kuma wannan mataki yana da rufi: ba ya riƙe sama da naira 300,000, abin da za a iya juyawa a rana kuma naira 50,000 ne. Alhajin nan yana da 40,000 a ciki. Wani mai saye daga kudu ya ce zai turo masa 280,000. Jimla ta zama 320,000, ta haye rufin. Ɗayan biyu ne zai faru, ko dai turin ya ƙi shiga ya rataye a hanya, ko ya shiga a ce sai ya ɗaga matakin asusunsa kafin ya taɓa. Ko da ma kuɗin sun shiga lafiya, da yamma manomin da ya ba shi kaya yana jiran 200,000, shi kuma ba zai iya fitar da sama da 50,000 ba a ranar. Ta fuskar kamfani ba a yi laifi ba, doka ce. Ta fuskar Alhaji an riƙe masa kuɗi a gaban mutane, an zubar masa da mutunci a wurin wanda ya ba shi amana. Gobe da safe duk rumfar ta ji, jibi duk layin 'yan albasa ya ji. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Jimla biyu a cikin tallar da sun hana wannan: "Sabon asusu yana ɗaukar har dubu ɗari uku. In cinikinku ya fi haka, ku zo da katin NIN da BVN wurin wakilinmu a ɗaga muku kafin ku karɓi kuɗin kaya." Daƙiƙa takwas a rediyo. Me ya sa ake jin ƙyashin su?

Kalmar "kyauta" ma tana da irin wannan tarkon. Jadawalin caji na Babban Banki da ya fara aiki a Janairun 2020 ya sa naira 10 ga turin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 ga abin da ya haura. Wasu manhajoji suna yafe wannan, ko su yafe na 'yan turin farko a rana, shi ya sa suke cewa kyauta. Amma akwai harajin gwamnati na naira 50 a kan turin da ya kai 10,000, wanda kamfanonin nan su ma suka fara cirewa a Disambar 2024, ga kuma ladan mai POS idan za a ciri tsaba. Naira 50 ba ta talauta kowa ba. Sai dai mutumin da aka ce wa kyauta, ya duba ya ga hamsin ta yi ɓatan dabo, abin da zai tsaya masa a rai shi ne: in sun iya ɗaukar hamsin ban sani ba, me zai hana su ɗauki dubu hamsin? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɗan kasuwar Sakkwato da ya saba lissafin sisi da kwabo a ka ba ya mantuwa. A gaya masa tun farko: turawa kaza ne, gwamnati tana karɓar hamsin daga dubu goma, cirewa a wurin wakili kaza ne. Zai yi tsaki, amma zai zauna.

Yanzu ga yadda nake ganin tallar rediyo ta minti ɗaya ya kamata ta kasance, da muryar gari, tsakanin dattijo da matashin wakili da ke bakin kasuwa:

"Kai yaro, in na tura kuɗɗi sunka maƙale, wa zan kama?"

"Ni za ku kama, Baba. Ga rumfata nan ƙofar kasuwa, kullum ina nan har la'asar. Yana faruwa wani lokaci, in sabis ya yi rauni. In ya faru kada ku sake turawa. Ku kawo mani wayar, mu ɗauki lambar rasit, mu kira ofis da Hausa."

"In ba su maido ba fa?"

"In mako biyu ya cika ba a warware ba, doka ta ba ku damar kai ƙara Babban Banki. Amma Baba, kada ku fara da kuɗin kaya. Ku sa naira ɗari biyar, ku tura wa ɗanku wani abu daga ciki, ya kira ku ya ce ya gani. Sannan ku zo ku cire abin da ya rage a hannuna, ku riƙe shi ku ji."

"Lambar sirrin nan fa?"

"Ko ni na tambaye ku ita, kada ku faɗa mani."

Babu "zamani" a ciki, babu "juyin juya hali", babu waƙa. Kowane layi yana da aikinsa. An ba Baba mutum mai fuska da rumfa, domin a kasuwarmu amana tana rataye ne a wuyan mutum, da ɗan gari kuwa akan ci gari. An amsa cewa matsala tana faruwa, an kuma faɗi abin da ba a yi idan ta faru, domin babbar asarar sabon shiga ita ce ya ga an rubuta `Pending` ya sake turawa, kuɗi su fita sau biyu. An nuna masa rasit, inda ake samun doguwar lambar da ake kira `Session ID`, wadda da ita ake bin sawun turi tsakanin bankuna. An nemi ya gwada da abin da ko ya ɓace ba zai hana shi barci ba, an kuma rufe da'irar da cire tsaba, saboda tsoronsa na asali shi ne kuɗin da ya shiga waya ba ya komawa takarda. Layin ƙarshe shi ne mafi tsada a cikinsu. Mafi yawan satar da ake yi wa sababbin shiga ba ta fasa na'ura ba ce, kira ne daga wani mai ladabi da zai ce daga ofis yake, a karanto masa OTP da aka turo. Kamfanin da ya koya wa mutum ƙin ba shi kansa lambar sirri ya nuna cewa yana gefensa.

Na san abin da shugaban sashen talla zai ce, domin hujja ce mai ƙarfi: ba a ambaton hatsari a tallar mota. In ka ce kuɗi suna maƙalewa, ka shuka tsoro a zuciyar wanda ba shi da shi, abokin gasarka kuma yana can yana cewa nasa ba ya kuskure. Amsata ita ce, wa ya rage a Sakkwato da bai san taransifa tana maƙalewa ba? Tsoron yana nan kafin ka buɗe baki. Zaɓin da ke gabanka shi ne ka yi magana a kansa ko ka bari a yi ta a majalisa bayan sallar isha'i ba ka nan. Na yarda da shi a abu guda: irin wannan talla ba za ta kawo tururuwar masu sauke manhaja a makon farko kamar yadda garaɓasa take kawowa ba. In ma'aunin da ake auna mai talla da shi ke nan, to zai sha kashi a taron wata.

Amma garaɓasar fa, wa take kawowa? "Buɗe ka samu dubu ɗaya, gayyato aboki ka samu wata." Samari za su buɗe, su cinye, su goge. Dattijon da ake nema kuwa ya san banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma "kawo mutum a ba ka kaso" shi ne ainihin yaren da MMM ta yi magana da shi. Haka tallar "kuɗinka suna haihuwa kullum". A wani gari wannan jan hankali ne. A birnin Shehu, inda mutum zai tambayi malaminsa kafin ya taɓa, ka jefa kanka cikin zancen riba da hannunka. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019 sun gina kasuwarsu ne a kan wannan damuwar, alamar cewa ba ƙarama ba ce. In manhajarka tana da sashen ajiya mai kuɗin ruwa, ka faɗa a fili cewa zaɓi ne, ba a kunna shi sai mutum ya nema, kuma hakan ya zama gaskiya a cikin manhajar.

Akwai masu cewa a bar duk wannan, a ɗauko fitaccen malami ko tauraron fim ya ce ya yarda, magana ta ƙare. Wannan yana aiki, ban musa ba, shi ya sa ma nake jin tsoronsa. Aron mutunci ne, kuma ranar da kuɗin wani suka salwanta ba malamin ne zai mayar ba, amma sunansa ne zai shiga bakin mutane. Da a kira malami ya yi rantsuwa a kan kamfani, gara a roƙe shi ya ja kunnen jama'a kan ba da lambar sirri da kuma sakin kaya saboda alat na bogi, wato saƙon da ɗan damfara yake ƙirƙira ya nuna wa mai shago. Ƙa'idar a nan gajeriya ce, ta kuma cancanci allo a kowace rumfa: kada ka duba wayar mai saye, duba ragowar kuɗin da ke cikin naka asusun.

Wasu kuma sun fi son tsoratarwa. Su tuna wa 'yan kasuwa gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko 'yan fashin hanyar Illela, su ce da kuɗinka suna waya da sun tsira. Akwai gaskiya a ciki, amma cinikin da aka ƙulla a kan masifar mutane ina ƙinsa, kuma bai ma amsa tambayar ba. Mai sauraro ya san haɗarin tsaba, ya rayu da shi shekara hamsin, ya san dabarun kauce masa. Haɗarin waya ne bai san iyakarsa ba.

A nan ne maganar NDIC take shigowa, kuma ana wulaƙanta ta. Kusan kowace talla tana rufewa da gudu da "Babban Banki ya ba mu lasisi, NDIC ta yi mana inshora", kamar mai karanta abin da aka tilasta masa. Alhali wannan ita ce hujja mafi nauyi da suke da ita, in an warware ta. Tun 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biya: har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban bankin kasuwanci da kuma mai asusu a kamfanin kuɗin waya, miliyan 2 ga mai ajiya a ƙaramin bankin masu ƙaramin ƙarfi ko irin bankunan kamfanonin sadarwa kamar MoMo na MTN da SmartCash na Airtel. Kuma an ga aikinta, domin da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, masu ajiya sun karɓi kuɗinsu har zuwa miliyan 5. Wannan labari ne da za a iya ba Alhaji ya bincika. Sai dai dole a haɗa da iyakarsa: inshorar tana aiki ne idan cibiyar da ke riƙe da kuɗin ta durƙushe. Ba ta biyan wanda ya karanta wa ɗan damfara lambarsa, ba ta biyan wanda ya tura wa lambar da ba ita ba. Tallar da ta bar mutum yana zaton "NDIC za ta biya ko me ya faru" ta ɗana wa kanta bam.

Duk abin da na faɗa yana da sharaɗi guda, kuma shi ne iyakar aikin marubuci. Kyan alkawari cikawa. In ka rubuta "kira mu da Hausa" alhali wanda zai ɗauki wayar yana Legas ba ya jin ko sannu, ka ƙara wa kanka maƙiyi. In ka ce kwana uku kuɗi za su dawo, saboda umarnin Babban Banki na 2020 ya ba da awa 72 a warware rigimar POS, to ka fara tambayar sashen da ke mayar da kuɗi ko suna cika wannan wa'adi, in ba sa cikawa ka rubuta abin da suke iyawa. In ka ce "ni za ku kama", wakilin ya kasance yana da horo da lambar da zai kira a amsa masa. Marubucin da aka ba aikin nan ya kamata ya kwana biyu yana sauraron ƙorafin da ke shigowa ofis kafin ya ɗora alƙalami, domin kanun tallarsa suna cikin waɗannan koke-koken.

Sannan a kula da wa ake magana da kuma ta ina. Matan aure da yawa a cikin gari suna sana'a daga ɗaka, ƙuli-ƙuli da fura da ɗinki da adashe, yara ne suke kai da kawowa. Ba za su je rumfar namiji a bakin kasuwa su miƙa masa waya ba. Tasu tallar sai da muryar mace, da wakiliya mace a unguwa, kuma tambayarsu daban ce: wa zai ga abin da na tara? Amsar ta fito ƙarara, cewa ba mai gani sai wanda ta ba lambarta. Rubutun allo kuma, mutane da yawa da boko bai zauna musu ba suna karanta ajami sarai, suna ganinsa kullum a jikin naira 200 da 500 da 1000. Layi biyu na ajami a laimar wakili, na farashi da na gargaɗin lambar sirri, sun fi hoton wata budurwa mai murmushi da waya a hannu.

Kafin a kai talla gidan Rediyon Rima a biya, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A karanta ta sau ɗaya ga mutum goma a Kasuwar Kara waɗanda ba su taɓa buɗe asusu ba, a bar su su ci gaba da cinikinsu, bayan awa guda a dawo a tambaye su abu uku: nawa za a cire maka in ka tura dubu ashirin, wa za ka nema in kuɗin ba su isa ba, wa ya halatta ka gaya wa lambar sirrinka. In bakwai ba su amsa ba, a koma a sake rubutu. Bayan an sake ta kuma, kada a ƙirga waɗanda suka buɗe asusu. A ƙirga waɗanda suka yi turi na biyu da kuɗin kansu bayan wata guda, da waɗanda kuɗinsu ya taɓa maƙalewa aka mayar musu suka ci gaba da amfani da asusun.